Riga Mai Soso a Gefe Ɗaya

Shagonmu ɗaki ɗaya ne da labule a tsakiya. Gaban labule nawa ne, nan teburin yanka yake da dutsen guga. Bayan labule na Yaya ne, nan kekenta yake, nan kuma take auna mata. Ni nake yanka, ita take ɗinki, mai babur ɗinmu da muke kira Guguwa shi yake kai wa mutane kayansu gida. Yawancin cinikinmu ta waya ne. Yaya tana da guruf na kwastomomi, in mun fito da sabon ɗinki sai ta saka hoto, mai so ta yi magana.

Yadda muke ɗaure kaya tun farko ba shi da wuya. In riga ta gama, sai in goge, in ninke, in saka a baƙar leda in liƙe bakin. Sai in yanko ɗan ƙyalle na yadin rigar in maƙala a jikin ledar da fil. Ko ba a buɗe ba, da ka ga ƙyallen ka san rigar wace ce, don da wuya mutum biyu su zaɓi yadi ɗaya a mako guda. Daga nan Yaya ta rubuta suna da lambar waya a ƙaramar takarda, a liƙa. Ba mu taɓa samun matsala ba sai da shuɗin yadin nan ya zo.

Yaya ta samo shi da sauƙi, dila guda, shuɗi mai ƙananan fararen ganye. Ta ɗinka doguwar riga ɗaya ta saka hoto, kafin yamma waya ta hana mu sakat. Kowa shi take so. Muka yi makonni muna ta fama da shuɗi har ina ganinsa in na rufe ido. Wata ta ce a ƙara mata tsawo, wata a rage hannu, wata a ɗaga wuya, amma in an ninke duk abu ɗaya ne. Ƙyalle ya tashi daga aiki.

Sai muka yi dabara. Na jera ledojin a kan teburin yanka, daga wajen ƙofa zuwa wajen labule, yadda aka yi odar: wadda ta fara magana ita ce a bakin ƙofa. Yaya ta zauna da wayarta tana bin sunaye a jere, ta rubuta wannan ta ajiye, ta rubuta na gaba ta ɗora a kai. Da ta gama ta miƙo, aka fara liƙawa daga bakin ƙofa, ana ɗaukowa daga sama. Ba wanda ya tuna cewa takardar da aka fara rubutawa ita ce a can ƙasa. Sunan ta ƙarshe ya hau ledar ta farko, na ta farko ya hau ta ƙarshe, haka har aka haɗu a tsakiya. Guguwa ya loda a akwatinsa ya tafi yana fito.

Kafin azahar waya ta fara. Wata doguwar ma'aikaciyar banki ta ce rigarta a gwiwa ta tsaya. Wata 'yar siririya ta turo hoto, ita da ƙanwarta duk sun shiga riga ɗaya. Mutum ɗaya ce kawai ta samu tata daidai, wata tsohuwa da muke ce wa Goggo, wadda ledarta ce a tsakiyar layi. Ita ma ta kira.

"Na ji ana ta ba mutane haƙuri," ta ce, "ni ina nawa?"

"Goggo, ke ai taki ce ta zo miki," in ji ni.

"To shi ne za a ware ni? Ni ma ku ba ni, in ajiye saboda gaba."

Na yi dariya. Yaya ba ta yi ba. Tana tsaye riƙe da labule, ta zuba wa teburin ido, bakinta yana motsi. Can ta ce, "Auta, wa ta fara oda?"

"Rediyo mana. Wa yake riga ta?"

Rediyo ba sunanta ba ne, mu ne muke kiranta haka in ba ta nan. A gabanta Hajiya ce. Tana da babban kantin kayan kwalliya a bakin titi, kuma duk abin da ya shiga kunnenta da safe ya gama unguwa kafin a tashi kasuwa.

"Wa ce ta ƙarshe?" in ji Yaya.

Nan na gane. Ta ƙarshe Malama ce.

Malama tana koyarwa a makarantar da ke bayan layinmu. Ta yi watanni ba a ganinta, aka ce ta je wajen danginta. Gaskiyar ita ce asibiti ta kwanta, aka yi mata aiki aka cire mata nono na hagu. Daga mijinta sai Yaya suka sani, sai ni, don ni ne mai yanka, dole a gaya mini dalilin ɗaga wuyan riga da ɗaga hammata. Ranar da ta zo awo ta daɗe a bayan labule. Ina jin muryarta ƙasa-ƙasa tana cewa, "Ba kunya nake ji ba, Anti. Ba na so ne in shiga aji mutane su riƙa duban ƙirjina kafin su dubi fuskata. In na tashi faɗa, ni zan faɗa da bakina." Yaya ta yi wa rigar shafi na auduga mai laushi don kada ya gogi tabon, ta yi aljihu a cikin shafin ta hagu, ta yanka soso ta gyara shi da almakashi har ya yi daidai da ɗaya gefen, ta ɗinke shi a ciki. Da Malama ta zo gwaji, a jikinta rigar ba ta da makusa. In an rataye ta a kan hanga kuwa, gefe ɗaya a cike, ɗaya a kwance. Ran Litinin za ta koma aji, kuma rigar da ta yi niyyar sakawa ke nan.

Yanzu ga ta a hannun Rediyo. Ta Rediyo kuma tana gidan Malama.

Ba mu gama tunani ba hoton ya shigo guruf. An rataye rigar a ƙofar kanti, an juyo cikinta, ga ɗan yatsa mai jan farce yana nuna soson. A ƙasa Rediyo ta rubuta: "Jama'a ku ga ikon Allah. Ba su tsaya a kawo mini kayan wata ba, ɗinkin ma rabi aka yi. Gefe ɗaya katifa, gefe ɗaya tabarma. Mai wannan riga ta fito ta ba ni tawa."

Aka yi ta dariya. Wata ta ce ko soson ne ya ƙare. Wata ta ce a tambayi tela ko barci ya ɗauke ta a kan keke. Abin da ya fi tayar wa Yaya hankali ba dariyar ba ce. Mata sun fara neman juna. "Wa ta samu mai dogon hannu da aljihu?" "Ni ce, ke ce kika samu gajeriya?" Biyu sun riga sun gane cewa wadda ta samu taka, ita ce kai ma ka samu tata. In Rediyo ta san inda rigarta take, ta san mai riga mai soso.

Mijin Yaya, Baban yara, ya shigo da rana da wayarsa a hannu. Mutum ne mai son a yi abu a fili a wuce wurin.

"Abu mai sauƙi," ya ce. "Ki rubuta musu bayani cikakke. Ki ce ga yadda takardu suka juye. Ki jera, wance taki tana wajen wance. Su yi musayarsu, yau-yau an gama. Rigar soson nan kuma ki faɗi dalili, ai na san ba ki ɓata ɗinki."

"Ba zan jera ba."

"Saboda me?"

"Saboda ba zan jera ba."

"Ke dai taurin kai kamar ƙarfen kekenki. Mutane suna cewa ba ki iya ɗinki ba!"

"Su ce. Bakinsu ne."

Ya juyo gare ni. "Auta, kai ka gaya mata."

Na ce masa guga nake yi. Ya dube ni, ya dubi dutsen gugar da ko a wuta ban saka ba, ya girgiza kai ya fita.

Yaya ta ɗauko bayan wani kwali da alli, ta zauna a kan teburin yanka tana rubutu tana gogewa. Na ce a saka cewa ba mu taɓa yin haka ba. Ta ce wanda rigarsa take gidan wani bai damu da jiya ba. Na ce a saka yadda abin ya faru. Ta ce wannan shi ne ba za a saka ba ko kusa. Na ce to a ƙara "muna roƙon afuwarku da girman Allah" ko sau biyu, don zuciya ta yi sanyi. Ta ce haƙuri ɗaya ake bayarwa in na gaske ne. Abin da ya rage a kwalin, shi na kwafa a waya na tura guruf, na kuma rubuta a farar takarda na liƙa a ƙofar shago:

"Mun aika rigunan mutane da yawa gidajen da ba nasu ba. Laifinmu ne, muna ba ku haƙuri. Don Allah kada ku yi musaya a tsakaninku, mu za mu zo mu karɓa mu kawo wa kowa tata, ba za ku biya komai ba. Ba za mu faɗi rigar wa ta je hannun wa ba."

Maganar ƙarshen nan ita ta ƙara wa wutar fetur. Aka ce girman kai ne. Aka ce wannan ba ban haƙuri ba ne, umarni ne. Ma'aikaciyar banki ta rubuta cewa in a wajen aikinsu ne, wanda ya rubuta wannan ya bar kujerarsa. Rediyo ta turo saƙon murya mai tsawo, na ji farkonsa na kashe. Wasu suka fice daga guruf ɗin, muna ganin sunayensu suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Yaya ta kifa wayar a kan keke.

"Tashi," ta ce. "Kai da Guguwa. Ku bi gida-gida. Kada ka karɓo ta wannan ka kai wa waccan kai tsaye, duk ku kawo nan. Zan buɗe kowace in auna da tef, in sake wanke wadda aka gwada, ka goge, sannan a mayar."

"Anti, ai hanya biyu ke nan," in ji Guguwa. "Man babur ba ruwan famfo ba ne."

"Ni zan zuba. Kai dai kada bakinka ya riga tayarka gudu."

Muka fita. A wani gida aka bar mu tsaye a rana, a wani aka jefo ledar ta saman ƙofa. Wata ta ce ba za ta bayar ba, wadda ta samu ta fi tata kyau, sai da na zauna a dakali na yi ta lallashi har ta gaji da ganina. Duk inda muka je tambaya ɗaya ce, "Wai tsakaninka da Allah, rigar soson nan ta wace ce?" Ni kuma amsa ɗaya, "Ni yanka nake yi."

Gidan Malama ni kaɗai na shiga, na bar Guguwa a bakin layi na ce ya je ya sha ruwa. Ta fito da ledar a rungume. Ta rame, amma muryarta tana nan yadda na san ta.

"Na buɗe," ta ce. "Da na ga ba tawa ba ce na mayar. Na ga hoton ma."

"Ki yi haƙuri, Malama."

"Yaran Hajiya biyu suna ajina, ka sani?" Ta gyara riƙon ledar. "Na kusa rubuta mata cewa tawa ce, a huta. Na ga yadda suke cin naman Anti saboda ni."

"Yaya ta ce kada ki ce komai. Ta ce ba ke kika juya takardu ba."

"In ta ƙi bayarwa fa?"

"A ɗinka miki wata."

"Yadin ya ƙare, Anti ta gaya mini da kanta, ni ce ta ƙarshe." Ta miƙo ledar. "Ba don yadin ba ne ma. Ita ce rigar farko da na saka na dubi madubi ban kau da kai ba."

Na ce mata za ta samu rigarta kafin Litinin. Na fito ina tunanin da wane baki na yi wannan alkawari.

Washegari duk riguna sun dawo sun koma hannun masu su, ban da ɗaya. Na kai wa Rediyo tata har kanti, a wanke a goge. Ta karɓa, ta buɗe, ta duba, ta ajiye a bayan kanta. Riga mai soso kuwa tana rataye a saman kwalaben turare, duk wanda ya shigo sai an nuna masa.

"Hajiya, sai ki ba ni waccan."

"Kai, ɗan autan tela, ka ga na yi kama da wadda ake aike? Ka ce wa yayarka ta rubuta ban haƙuri na mutunci, da sunana a ciki. Ta faɗi ko ɓata ɗinkin ta yi, ko kuma wace ce take saka irin wannan. Ɗaya daga ciki. In ba haka ba rigar nan ta zama kayan ado a kantina, kuma rigunan yarana na kanti da na ce za ku ɗinka, na fasa."

Aikin yaran kantin nan shi ne babban aikin da muke jira a watan. Na koma na gaya wa Yaya duk, ban rage ba. Tana saka zare a allura, ba ta ɗago ba.

"Ta fasa ɗin."

"Yaya, ki ce kawai kin ɓata. Kalma ɗaya ce. A ba mu riga."

"In na ce na ɓata, ta ce to a bar mata ta yar, tunda ɓatacciya ce. In na ce ban ɓata ba, su zauna su yi ta lissafi har su gano. Ba zan ba ta ko ɗaya ba. Abin da na yi laifi a kansa na ba da haƙuri, yana nan a ƙofa. Ban yi wani ba."

Ba mu je ba, ita ce ta zo. Ran Asabar da hantsi, lokacin da layinmu ya fi cika, mota ta tsaya a ƙofar shago. Rediyo ta fito sanye da sabuwar shuɗiyar rigarta, ta zauna mata ɗas, ɗaya rigar kuma a kan hanga a hannunta kamar tuta. Mai gyaran waya na kusa da mu ya bar aikinsa. Masu sayar da takalma suka matso. Ta tsaya a gaban takardar da ke ƙofa ta karanta da ƙarfi, tana kwaikwayon muryar yara.

"'Ba za mu faɗi ba.' Ji mana! Sai ka ce ofishin 'yan sanda. Tela, fito ki gaya wa jama'a, wannan ɗinki ne ko matashin kai?"

Yaya ta fito da tef a wuya. "Sannu da zuwa, Hajiya. Rigar ta yi miki kyau."

"Ba yabo na zo nema ba."

"Na sani. An kawo miki kayan da ba naki ba, na ba ki haƙuri, na kawo naki. Wannan da ke hannunki ba taki ba ce. Ki ba ni."

"Ta wace ce?"

"Ta mai ita."

Aka kwashe da dariya, wannan karon ba a san wa ake wa ba. Fuskar Rediyo ta canja. Ta ɗaga hangar sama ta matsa soson da yatsa. "Ku duba, ku duba da kyau. Wace mace ce mai hankali za ta yarda a cusa mata soso a riga?"

Nan zuciyata ta hau. Ni na yanka rigar da ke jikinta. Na san abin da ke cikin shafinta ta wajen ƙugu, soso ne, dama da hagu, falle biyu-biyu, don ni na sayo shi. Duk rigar da muka taɓa yi mata haka take. Maganar ta zo har bakina, har na ɗaga hannu zan nuna. Yaya ko juyowa ba ta yi ba, ta taka mini ƙafa da ƙarfi.

"Auta, je ka duba guga."

Ban tafi ba, amma na rufe baki. Yaya ta ɗaga labule ta ce, "Hajiya, shigo in ga kafaɗar nan, kamar ta ɗan zame." Ba abin da ya zame, amma Rediyo ba ta iya jin an ce rigarta tana da aibi ta tsaya. Ta shiga. Ina gaban labule, ina jin su.

"Rigar da ke jikinki ta fara sauka a gidan wata," in ji Yaya a hankali. "Ta buɗe, ta ga abin da ke cikinta, ta ninke ta mayar. Kin ji ta ce uffan a guruf?"



"Barazana kike mini?" in ji Rediyo.

"A'a. Ko kin ba ni rigar nan ko ba ki ba ni ba, ko kin zage ni daga nan har shekara, ba wanda zai ji naki daga bakina, kuma yaron can in ya faɗa ya bar shagon nan. Abin da aka faɗa a bayan labulen nan, nan yake zama. Naki haka, nata haka. So kike in fara yi wa jama'a bayanin abin da ke cikin riguna? In na fara da tata, da wa zan tsaya?"

"Ai nawa ado ne. Wannan kuwa gefe ɗaya..." Sai ta tsaya. Na ji ƙarar hanga ta taɓa keke. Da ta sake magana, muryar ta sauka, abin da ban taɓa ji ba tun da na san ta. "Na san ta?"

"Ba zan faɗa ba."

"Ko da a kunne?"

"Kunnenki ne ma ba zan faɗa wa ba, Hajiya."

Ta fito ba hanga a hannunta. Mutane suka zuba mata ido. Ta gyara mayafi, ta ɗaga murya yadda ta saba. "Na bar musu tsummansu. Amma aikin yarana na fasa, kuma ƙafata ta bar shagon nan. Mutum ya yi laifi ya tsaya yana ɗaga hanci!" Ta shiga mota. Hoton bai sauka daga guruf ba sai da yamma, shi ma ba ta ce komai a kai ba, kawai aka nema aka rasa. Aikin yaran kantin kuwa da gaske ta kai wani wuri.

Yaya ta duba rigar ciki da waje. Yatsu sun matse soson har ya lotsa, ƙamshin turare ya kama yadin. Ta farke aljihun ta yanka sabo, ta wanke rigar da hannunta. Na goge ta a hankali ta ciki, na saka a leda. Ban liƙa mata suna ba, na kai da ƙafa.

Baban yara ya zo ya tarar da ita tana share zare a ƙasa. "To, Sarkin taurin kai, an rasa kwastoma, an rasa aiki, an samu me?"

"An samu riga."

"Kin san abin da ake kiran shagonki yanzu a layi?"

Ta sani. Wani ya zo da biro ya rubuta a ƙasan takardarmu ta ƙofa, da manyan baƙaƙe: SHAGON SOSO. Na ɗauko sabuwar takarda zan sake rubutawa, ta ce in bar shi.

"In ka canja, sai su ce ya yi mana zafi. Kuma ba ƙarya suka yi ba, muna sakawa."

Ran Litinin da safe ina shara a ƙofa, yara suna ta wucewa da jakunkuna. Shuɗin yadin nan ya cika gari, kafin in gama na ga mutum biyu da shi. Ta ukun Malama ce, da littattafai a hannu, tana tafiyarta ta da, ba sauri. Rigar ta zauna mata daidai, dama da hagu. 'Yan matan ajinta suka hango ta suka rugo da ihu, har da ƙaramar 'yar Rediyo, suna rige-rigen karɓar littattafan. Ta tsaya a ƙofarmu, ta karanta takardar tun daga sama har abin da aka ƙara da biro.

"Anti tana ciki?"

Yaya ta leƙo ta labule da fil a baki.

"Ina kwana, Anti. In wani yadi ya zo, ina son guda biyu. Irin wannan ɗinkin."

Yaya ta cire fil ɗin. "Irin wannan sak?"

"Sak."

Ta wuce da yaran. Wayar shago ta yi ƙara a kan teburin yanka, lambar da ba mu sani ba. Na ɗauka. Muryar wata mata ce, tana magana ƙasa-ƙasa kamar akwai mutane kusa da ita. Ta ce nan ne shagon da suka ce ba za su faɗi ba? Na ce nan ne. Ta ce tana son magana da mai ɗinkin, ita kaɗai.

Na miƙa wa Yaya wayar ta gefen labule, na ɗauki tsintsiyata na koma waje.